Kwana 18 ne tsakaninsu, an ɗauki ɗaya an mayar da ɗaya

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni uwa ce a Garwa. An haifi ɗana ranar 9 ga Janairun 2020, 'yar wan mijina kuma ranar 22 ga Disambar 2019. Gida ɗaya suka tashi, allo ɗaya suke zuwa. Bana, 2025, muka kai su makaranta tare, darakta ya ɗauke ta a SIL, ajin farko na firamare, shi kuma ya ce sai baɗi, wai sai wanda zai cika shekara 6 kafin 31 ga Disamba. Yaron ya ga babbar Salla shida, kuma ya fi ta wayo. Wani ya ce in ba da kuɗi a yi masa sabuwar takardar haihuwa mai 2019. Wannan doka gaskiya ce? Me zan yi?

Amsa: Hajiya, barka kadai, Allah ya raya mana su. Na daɗe ina koyarwa a ƙananan azuzuwa kafin in riƙe makaranta, kuma babu shekarar da ba a kawo mini irin wannan kuka ba a makon ɗaukar yara. Na san zafin ganin ɗan mutum ya koma gida yana waiwaye, 'yar'uwarsa tana cikin aji. Bari in fara da yadda daraktan ya yi lissafinsa, domin in kika gane shi za ki ga ba hankalin ɗanki ya auna ba, ranar da ke kan takarda kawai ya duba.

Shekarun shiga firamare a Kamaru 6 ne. Amma faɗin "shekara 6" kaɗai ba ya warware komai, domin yara ba rana ɗaya ake haihuwarsu ba, makaranta kuwa sau ɗaya take buɗewa, a farkon Satumba. Dole a tsai da rana guda a ce: wanda ya cika 6 zuwa wannan rana ya shiga bana, wanda bai cika ba ya jira. Makarantar da kika je ta tsai da 31 ga Disamba, wato tana lissafi da shekarar haihuwa, kamar yadda ake yi a Faransa, inda tsarin makarantunmu na Faransanci ya samo asali. A wannan lissafi duk wanda aka haifa tsakanin 1 ga Janairu da 31 ga Disambar 2019 ɗan aji ɗaya ne, ya shiga a Satumbar 2025. 'Yan 2020 kuma sai Satumbar 2026. Darakta ba ya ma buƙatar duba wata ko rana, lambobi huɗun ƙarshe yake kallo.

Akwai makarantun da ke tsai da iyakar a ranar buɗe makaranta, su ce sai yaro ya riga ya cika 6 kafin ya taka aji. Ingila ma iyakarta a nan take, ajin yaro yana tattara waɗanda aka haifa daga 1 ga Satumba zuwa 31 ga Agusta. Da irin wannan makaranta kuka je, da duka biyun aka mayar, domin a ranar 1 ga Satumbar 2025 yarinyar tana da shekara 5 da wata 8, ɗanki kuma shekara 5 da wata 7 da 'yan makonni. Da baɗi sun shiga tare, da ba ki rubuto mini ba. Sai ki lura, ko ina aka kafa iyakar, akwai yara biyu da za ta ratsa tsakaninsu, ko da kwana ɗaya ne. Bana ta faɗo tsakanin naku.

Maganar Salla shida gaskiyarki ce, na ƙirga ni ma: layyar 2020, 2021, 2022, 2023, 2024 da 2025. Damina ma shida ya gani. Sai dai ƙirga Salla ƙirga aukuwa ne, ba cikar shekara ba. Layyarsa ta farko ta same shi yana da wata shida da 'yan kwanaki a bayanki, kuma kowace shekara Salla tana matsowa gaba da kimanin kwana 11, saboda shekarar Musulunci ta fi ta Bature gajarta. Don haka ya ci Salla ta shida yana da shekara 5 da kusan wata 5 kacal. Iyaye da dama sun rantse mini cewa ɗansu ya cika 6, kuma ba ƙarya suke yi ba, ma'aunin ne daban. Makaranta da kalandar Bature take aiki, shekarunsa 6 sai ranar 9 ga Janairun 2026.

Yanzu ga abin da na fi so ki tsaya a kansa. Ki ɗauka an yi miki alfarma an shigar da shi bana. Babban yaro a ajin, wanda aka haifa a farkon Janairun 2019, yana da wata 80 a duniya ranar buɗe makaranta. Ɗanki yana da kusan wata 68. Tazarar wata 12 da 'yan kwanaki ke nan. Tsakanina da ke wata 12 ba komai ba ne, amma ga yaron da bai kai shekara 6 ba wannan ya haura kashi ɗaya cikin shida na duk rayuwarsa. A wannan tsakanin ne hannu yake ƙarfi ya riƙe alli ba tare da ya gaji ba, a nan ne yaro yake koyon zama wuri ɗaya har malami ya gama bayani, ya riƙe umarni biyu a kansa ya aikata su a jere, ya iya cewa yana son fita bayan gida tun kafin abin ya ƙwace masa. Wayon gida, na amsa magana da saurin hadda, abu ne mai kyau kuma zai amfane shi. Amma ajin SIL ba shi yake fara nema ba.

Ki tuna kuma mene ne SIL. Aji ne na shigar da yaro cikin harshen makaranta. Ɗanki yana jin Hausa, ina kyautata zaton yana jin Fulatanci kamar yawancin yaran Garwa, amma ranar farko malami zai yi masa magana da Faransanci, kuma da wannan harshe za a koya masa karatu da lissafi. Aiki biyu ne a lokaci guda: koyon harshe, da koyon karatu cikin harshen da bai gama ji ba. Na taɓa riƙe ajin da yaransa suka haura ɗari, huɗu huɗu da biyar biyar a benci. A irin wannan aji malami, duk kyawun niyyarsa, da tsakiyar aji yake tafiya. Ƙaramin da ya yi barci bayan an sha iska, ko ya rasa inda aka kai a allon bango, sau da yawa babu wanda zai lura da shi sai an yi jarrabawa.

Kuma matsalar ba ta bayyana da wuri, abin da ke yaudarar iyaye ke nan. An raba firamarenmu mataki uku: SIL da CP, sai CE1 da CE2, sai CM1 da CM2. A cikin mataki ɗaya ƙa'idar ita ce yara su wuce tare, don haka yaro zai tashi daga SIL zuwa CP ko da bai kama haruffa ba, uwa ta ga an wuce da shi ta ce ai ga shi ya iya. Sai a ƙarshen CP ko farkon CE1, lokacin da ake sa ran ya karanta jimla da kansa ya kwafi darasi daga allo, a nan asiri yake tonuwa. Alamominsa ba su da wuyar ganewa. Za ki ji yana rera shafi guda daga farko har ƙarshe ba kuskure, amma in kika ɗora yatsa a kan kalma ɗaya a tsakiya kika ce mece ce wannan, sai ya koma farkon shafi ya fara rerowa har ya iso wurin. Littafin rubutunsa rabin darasi ne kullum, domin an goge allo kafin ya gama. Da safe ciki na ciwo, ranar Lahadi kuwa lafiya lau. Yaron da aka saba yaba wa wayo a gida ya fara cewa shi ba ya ganewa, kuma wannan magana in ta zauna a ran yaro tana da wuyar fita.

Ba a Garwa kaɗai ake ganin haka ba. A Faransa, inda iyakar take ƙarshen Disamba, an daɗe da lura cewa 'yan Disamba sun fi 'yan Janairu maimaita aji. A Ingila kuwa 'yan Agusta ne ke baya, 'yan Satumba a gaba. Ke nan ba watan haihuwa ne ke da albarka ko rashinta ba, zama ƙarami a aji ne ke da nauyi. Tazarar tana raguwa yayin da yara ke girma, kuma ƙananan da yawa suna cim ma manyan, ba na musun haka. Amma in za ki damu da wani cikin yaran nan biyu bana, yarinyar ce. Ita ce za ta zama cikin ƙananan ajinta. Ki gaya wa uwarta ta riƙa duba littafinta, ta roƙi malami ya zaunar da ita a gaba.

Mu bi lissafin ɗanki har ƙarshe, domin tsoron iyaye shi ne "ya yi asarar shekara". In ya shiga SIL a Satumbar 2026 yana da shekara 6 da wata 7, yana cikin manyan ajinsa. CP a 2027, CE1 a 2028, CE2 a 2029, CM1 a 2030, CM2 a 2031. Zai zauna jarrabawar CEP, ta kammala firamare, da ta shiga sakandare a 2032 yana da shekara 12. Sakandare shekara 7 ce: jarrabawar BEPC ta ƙarshen ƙaramar sakandare a 2036 yana da 16, bakaloriya ta kammala sakandare a 2039 yana da 19. Wannan tafiya ce ta daidai, babu ƙofar da shekarunsa za su rufe masa. In kuwa ya shiga bana kuma komai ya tafi lafiya, zai gama a 2038, ribar shekara ɗaya. In ya shiga bana ya maimaita aji ko sau ɗaya, ya dawo 2039 ɗin nan dai, sai dai ya iso da tabon faɗuwa, ke kuma kin sayi littattafan aji ɗaya sau biyu. Sauri ya haifi nawa. Ni da ɗana ne, zan bar shi ya jira.

Batun sabuwar takarda kuwa, Hajiya, don Allah kada ki kusance shi. Takardar haihuwar da ke hannunki ba ita kaɗai ba ce, tana da tushe a cikin babban littafin rajista na ofishin da ya bayar da ita, da lambarta da ranarta. Wanda zai karɓi kuɗinki ɗaya cikin biyu zai yi. Ko ya buga miki takarda marar tushe a kowane littafi, ko ya bi ta kotu a nemi hukuncin da ake yi wa wanda ba a taɓa yi masa rajista ba, wanda muke kira jujma, a kawo shaidu su ce yaron ba shi da takarda alhali yana da ita. Na farkon jabu ne, na biyun ƙarya ce a gaban alƙali, duka biyun laifi ne a doka. A SIL babu mai ganewa. Amma ranar haihuwar da aka rubuta a rajistar makaranta ita za ta hau takardar CEP, daga nan ta hau ta BEPC da ta bakaloriya. Ranar da ya je neman katin ɗan ƙasa ko fasfo, ko ya ci jarrabawar shiga aikin gwamnati aka koma tantance takardu, sai a nemi tushe a rasa, ko a samu guda biyu da suna ɗaya da rana daban. Na ga saurayin da ya dawo wurina da gemunsa yana neman in taimaka a gyara masa ranar haihuwa a takardar shaidar da ya samu yana yaro, saboda abin da babansa ya yi da kyakkyawar niyya, kuma babu abin da zan iya yi masa, sai kotu. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ki ƙara da wannan: ke shekara za ki ƙara masa, ba ragewa ba. Jarrabawowin shiga manyan makarantu da aikin soja da na 'yan sanda suna da iyakar shekaru ta sama, don haka kowace rana da kika ɗora masa yau, daga lokacinsa na gaba kika cire ta.

Jujma tana da wurinta na halal, kuma ina ambatonta saboda sauran iyayen da za su karanta wannan. A arewacinmu yara da yawa a gida ake haihuwarsu, ba a kai rahoto cikin wa'adin da doka ta ba da ba, su girma ba takarda. Makarantun gwamnati kan karɓe su a SIL, darakta ya kintaci shekarunsu da ido, ya duba ko haƙoran gaba sun fara faɗuwa, wasu har yau suna sa yaro ya ɗora hannu ta saman kai ya taɓo kunnen ɗaya gefen. Wannan kintace ne, yaro mai tsawo ya wuce, gajere mai shekara 7 a mayar da shi. Ranar wanka kuma ba a ɓoyon cibiya: a CM2 ba a cika takardun jarrabawa sai da takardar haihuwa. Mai irin wannan yaro ya fara nema tun yaron yana SIL, ya nemi takardar likita mai kintata shekaru, ya tafi da katin awo ko katin rigakafi in akwai, domin su ne suka fi kusa da ranar gaskiya. Kuma ya tsaya a rubuta shekarar daidai. In ba a san rana ba akan rubuta 1 ga Janairu, wannan ba ya sauya ajin yaro a makarantar da ke lissafi da shekarar haihuwa, amma kuskuren shekara guda yana sauya shi.

Kada wani ya ɗauki maganata ya ce ashe jinkiri ne alheri. Jiran wata takwas bayan cika 6, irin na ɗanki, daban yake da barin yaro har shekara 8 ko 9 saboda kiwo ko talla ko "bari ya ƙara girma". Wannan shi ne ciwon da ya fi yawa a wajenmu, ya fi gaggawa yawa nesa ba kusa ba. Yarinyar da ta shiga SIL tana da 9 za ta kai CM2 tana da 14 in ba ta maimaita ba, ta yi girma a benci, masu neman aure sun fara sallama. Yawancin waɗanda na rasa a hanya irin waɗannan ne. Satumbar 2026 ta ɗanki ce, kada ta wuce shi ko da wane dalili.

In duk da haka zuciyarki ba ta kwanta ba, akwai hanya a fili. Ki koma wurin darakta tare da mahaifin yaron, ku nemi malamin SIL ya gwada shi, ku rubuta takardar roƙo ta bi ta hannun darakta zuwa ofishin sufeton firamare na yankinku. Yana iya yiwuwa, yana iya ƙi, musamman in ajin ya cika, domin 'yan 2019 da waɗanda suka girme su sun fi shi haƙƙin benci. Makarantun kuɗi da yawa kuma za su karɓe shi gobe ba tare da tambaya ba, amma karɓarsu ba shaida ce ta cewa ya shirya ba. Kafin ki bi ko wace hanya, ki gwada shi a gida ke kaɗai, ba a gaban baƙi ba. Ki ba shi aikin hannu, kamar kwaikwayon da'ira da murabba'i da alwatika a allo, ki ga ko zai zauna a kai minti 15 ba ya tashi. Ki aike shi da saƙo uku a jere ki ga nawa zai riƙe. Ki zuba ƙwayar gyaɗa 10 ki ce ya miƙo miki 7, domin rera ɗaya zuwa ashirin daban, sanin yawan bakwai daban. Ki ba shi gajeren labari ki ce ya maimaita miki daga farko zuwa ƙarshe. Sannan ki duba ko yana sa takalmi da wando da kansa, yana wuni ba ya neman barcin hantsi. In biyu daga ciki sun gagare shi, kin samu amsarki.

Shekarar jiran nan kuma kada ta tafi a banza. In da hali, ki sa shi a babban ajin makarantar renon yara, wanda 'yan shekara 5 ke yi kafin SIL, nan ne ainihin ajin 'yan 2020 bana, kuma abin da zai fi samu a can shi ne kunnensa ya saba da Faransanci. In babu hali, allo ya ci gaba, yana koya masa zama da riƙe alƙalami, sai dai ki nuna masa cewa rubutun boko daga hagu yake farawa, domin 'yan allo kan juya shi a makonnin farko. Ki saya masa ƙaramin allo da alli irin na 'yar'uwarsa, in ta dawo ta koya masa waƙoƙi da gaisuwar da aka koya musu, ita ma hakan zai ƙarfafa nata karatun. Kuma ku kiyaye bakinku a gida: kada a ce an kore shi ko ta fi shi. Ku ce masa ajinsa na 'yan 2020 ne, baɗi za a buɗe shi.

Abu na ƙarshe, tunda mutanenmu ba sa zama wuri ɗaya. In aiki ko kasuwa ta kai ku Kuseri har kuka tsallaka Njamena, ki sani sunayen azuzuwa suna ruɗarwa. A Chadi ajin farko CP1 ne, na biyu CP2, kuma makarantunsu sai wajen Oktoba suke buɗewa. SIL ɗinmu ita ce CP1 ɗinsu, CP ɗinmu kuma CP2. A Najeriya SIL tana daidai da aji ɗaya na firamare. In za a sauya masa makaranta, ki tafi da takardar sakamakonsa da takardar shaidar makarantar da ya bari, ki faɗi shekara nawa ya yi a firamare, kada ki tsaya a sunan aji kawai. A nan Garwa kuwa, tun kafin a rufe makaranta a watan Yunin 2026 ki koma wurin daraktan nan da kwafin takardar haihuwarsa ta gaskiya da katin rigakafinsa, ki tambayi ranar da za su fara rubuta 'yan 2020, sunansa ya shiga cikin na farko.